Tangaɗin mutum-mutumi mai bin layi: daga ina yake zuwa, kuma yaya ake magance shi

Ka gama ɗaura tayoyi, ka jona wayoyi, ka manna baƙin salatif a kan farin kwali, ka ajiye mutum-mutumin ka kunna. Ya kama layin kuwa, amma hancinsa sai kaɗawa yake yi, hagu, dama, hagu, dama, kuma kowace kaɗawa ta fi ta baya faɗi. Kafin ya kai lanƙwasa ta farko ya bar layin ya nufi bango. Mafi yawan masu koyo a nan suke komawa kan kod su yi ta sauya lambobi ba tare da sanin wacce ce ke da laifi ba. A ganina wannan wahala ce da za a iya kauce mata, domin tangaɗin nan yana da dalili guda da ake iya aunawa da rula da agogo: mutum-mutumin yana gane cewa ya kauce a makare, sannan yana gyarawa da ƙarfin da ya wuce kima. Inda aka dasa idanunsa ne ke yanke yadda zai makara, saurin tayoyinsa kuma ke yanke ƙarfin gyaran.

Zan bi da kai ta kan mutum-mutumi guda ɗaya, irin wanda kusan kowa ke farawa da shi. Yana da allon Arduino Uno, da L298N mai tuƙa moto, da moto biyu masu rawayan gida da giya a ciki, da tayoyi masu faɗin milimita 65, da sensa biyu na TCRT5000 a gaba. Sensan nan zan riƙa kiran su idanu, don aikin da suke yi ke nan. Mu ce tazarar tayar hagu da ta dama milimita 130 ce, an dasa idanun da tazarar milimita 45 a tsakaninsu, suna gaba da tsakiyar tayoyi da milimita 30 kacal, kuma yana gudun milimita 400 a sakan. Salatif ɗin shi ne na masu aikin wayar lantarki, mai faɗin milimita 19. Naka ba lallai ya zo daidai da waɗannan ba, sai ka auna ka sa naka a gurbinsu.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin hancinsa

Kowane ido yana da fitila mai fitar da hasken infared, wanda idon mutum ba ya gani, da kuma ɗan abin da ke karɓar hasken in ya dawo. Fari yana mayar da hasken, baƙi yana shanye shi. Kod ɗin farko da ake rubutawa yawanci haka yake:

```
if (idonHagu == BAKI)      tuka(0, 200);
else if (idonDama == BAKI) tuka(200, 0);
else                       tuka(200, 200);
delay(50);
```

Wato in idon hagu ya ga baƙi, a tsayar da tayar hagu cak, ta dama ta ci gaba. In na dama ne ya gani, a yi akasin haka. In babu wanda ya ga komai, a miƙe.

Duba layi na uku da kyau. Muddin salatif yana tsakanin idanun biyu, mutum-mutumin makaho ne. Bai san ko yana tsakiya ba, bai san ko saura ƙiris ya taɓa gefe ba, kuma bai san ko hancinsa ya karkace ba. Idanu a tazarar 45, salatif mai faɗin 19, saura 26. Milimita 26 ke nan da yake yawo a cikinsu ba tare da ya samu labarin komai ba, 13 ta kowane gefe. Ko da komai nasa lafiya lau ne, faɗin tangaɗinsa ba zai taɓa yin ƙasa da wannan ba, domin ba ya gyara hanya sai ya dangana da gefe.

Yanzu ga ƙarfin gyaran. Mota mai taya biyu irin wannan tana juyawa ne da bambancin gudun tayoyinta. Lissafinsa mai sauƙi ne:

```
juyawa (digiri a sakan) = (gudun dama - gudun hagu) / tazarar tayoyi * 57
```

In taya ɗaya ta tsaya, ɗayar na gudun 400, an raba da 130, an ninka da 57, za ka samu kusan digiri 175 a sakan. Wato cikin sakan ɗaya zai juya ya fuskanci inda ya fito. Ga kuma `delay(50)` a ƙarshen kod, wanda ke hana shi sake duba idanunsa har sai milisakan 50 sun wuce. Ke nan gyara mafi ƙanƙanta da zai iya yi ya kai kusan digiri 9, ko da digiri 2 kawai ake bukata. Ƙara da cewa moto ba ya tsayawa nan take in an yanke masa wuta, kuma ba ya kai wa cikakken gudu nan take in an mayar. Sai ya bar gefen hagu da hanci a karkace zuwa dama, ya ratsa makafin milimita 26 ɗin a karkace, ya bugi ɗaya gefen, ya sake yin gyaran da ya wuce kima. In kowane gyara ya bar shi da karkata fiye da wadda ya zo da ita, tangaɗin girma zai riƙa yi, har ranar da ido zai tsallake salatif ɗin gaba ɗaya kafin tayoyi su amsa. Daga nan idanu biyu suna ganin fari, kod ya ce a miƙe, shi ke nan ya tafi.

Kafin ka kwance komai

Ɗauki bidiyonsa daga sama da waya, a yanayin da ke rage saurin hoto, yana bin miƙaƙƙen layi mai tsawon mita ɗaya ko fiye. Salon tangaɗin zai gaya maka inda za ka fara. In zikzak ne mai faɗi, yana tafiya a miƙe tsakanin gyara da gyara, idanu sun yi nisa da juna. In karkarwa ce mai sauri a wuri guda, kamar mai jin sanyi, gyaran ya yi ƙarfi ko idanun sun matse wa salatif. In ya fara a hankali yana ƙaruwa har ya ɓace, gudu ya fi ƙarfin saurin amsawarsa. In kuma kullum gefe ɗaya yake buga, ido ɗaya ne kawai ke ganin baƙi, to moto biyun ba su daidaita ba.

Sai ka tabbatar idanun suna faɗin gaskiya, domin duk gyaran da za a yi a kan ido mai ƙarya banza ne. TCRT5000 ya fi gani a kusan milimita 2.5 daga ƙasa, kuma ganinsa yana raguwa da sauri in an ɗaga shi. Ajiye shi tsakanin milimita 3 da 5, kuma duka biyun a tsayi ɗaya. Ɗaure su sosai. Idon da ke lilo a kan waya ko a kan ɗan gam yana canza tsayi duk lokacin da mutum-mutumin ya zabura, kuma in ya ɗaga sama sai fari ya zame masa kamar baƙi. A kan allon kowane ido akwai ɗan sukuru da ake murɗawa don saita iyakar da ke raba fari da baƙi. Ɗora idon a kan fari ka murɗa har ƙaramar fitilar allon ta sauya, ka lura da wurin. Ɗora shi a kan baƙi ka sake yin haka. Tsakiyar wuraren nan biyu za ka bar shi. Yi wannan a ɗakin da zai yi gudu, domin hasken rana cike yake da infared, kuma saitin da aka yi a inuwa yana iya rushewa a bakin taga. Ka kuma duba da kanka ko allonka `HIGH` yake bayarwa a kan baƙi ko `LOW`, don ba duk alluna ne suka yi daidai a nan ba.

Abu na gaba ba ya cin ko minti ɗaya: goge `delay(50)`. Ka kuma cire duk wani `Serial.print` da ke cikin `loop()`. Mutane da yawa ba su san shi ma jinkiri ba ne. A saurin aikawa na 9600, wanda ake sawa a `Serial.begin`, harafi ɗaya yana cin kusan milisakan ɗaya, don haka layi mai haruffa 30 da ake bugawa a kowane zagaye yana riƙe kod ɗin kusan milisakan 30 da zarar ma'ajiyar aikawa ta cika. A gudun milimita 400 a sakan, mutum-mutumin ya tafi milimita 12 ido rufe a wannan ɗan lokacin.

Tazarar idanu da juna

A nan rula take aiki. Auna faɗin salatif ɗinka da kanka, kada ka dogara da abin da aka rubuta a jikin ledarsa. Auna tazarar idanun daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar ɗaya, ba daga gefen allo ba. Abin da ake nema shi ne idanun su zauna a waje da salatif, kowanne da ɗan sarari na kusan milimita 3. Ga salatif mai 19, tazarar ta zama kusan 25. Makafin wuri ya sauko daga 26 zuwa 6.

Me ya sa ba za a matse su har su taɓa gefen salatif ba? Saboda ido ba ɗigo ɗaya yake kallo ba, ɗan fili ne mai faɗin 'yan milimitoci. Idon da ke daidai bakin salatif yana ganin rabi fari rabi baƙi, sai ya riƙa sauya magana da ƙaramar girgiza. Kod ɗin da bai san komai ba sai "tsaya" da "tafi" zai yi ta kashe moto yana kunnawa, mutum-mutumin ya kama karkarwa. A kan lanƙwasa kuma salatif yana ratsa ƙarƙashin idanun a karkace, sai ya zama kamar ya ƙara faɗi, idanu biyu su ga baƙi a tare, kod ɗin ya bi sharaɗin da ya fara zuwa ko da ba shi ne daidai ba.

Ga yadda za ka gwada ba tare da moto ba. Cire wayar moto, ka bar idanun a kunne. Ajiye mutum-mutumin a tsakiyar layi, fitilun biyu su nuna fari. Tura hancinsa a hankali zuwa hagu har fitila ɗaya ta sauya, ka sa alama da fensir. Maimaita zuwa dama. Tazarar alamomin biyu ita ce ainihin makafin wurinsa, kuma sau da yawa ba ta zo daidai da lissafin rula ba saboda saitin sukurun nan. Nemi milimita 4 zuwa 8, kuma tsakiyarta ta faɗo daidai tsakiyar mutum-mutumin. Shawarata ita ce ka ɗaura idanun a kan ɗan katako ko roba mai doguwar tsaga, yadda za ka iya zamar da su ka sake ɗaurewa, don ba sau ɗaya za ka taɓa su ba.

Nisan idanu daga tayoyi

Wannan ita ce tazarar da aka fi mantawa da ita, kuma ni a wurina ta fi ta farkon tasiri. Mutum-mutumin yana juyawa ne a kan layin da ya haɗa tsakiyar tayoyinsa biyu. In idanu suna kusa da wannan layi, juyawa ba ta motsa su gefe sosai. Mu ce ido ya shiga cikin baƙi da milimita 5 kafin tayoyi su amsa. Idon da ke gaba da tayoyi da milimita 30 sai an juya kusan digiri 10 kafin ya fito. Wanda ke gaba da milimita 80, digiri 3 da rabi sun ishe shi. Kod ɗin yana ci gaba da juyawa har sai ido ya fito, don haka gajeren hanci yana tilasta babban juyi a kowane gyara, dogon hanci kuma yana sakin sitiyari da wuri.

Akwai fa'ida ta biyu. Dogon hanci yana jin karkata tun kafin jiki ya kauce. In mutum-mutumin yana tsakiyar layi amma ya karkata da digiri 5, idon da ke nisan 80 ya riga ya matsa gefe da milimita 7, ya ga baƙi, an fara gyara. Na nisan 30 bai matsa ko milimita 3 ba. Haka direba yake yi: ba gindin tayarsa yake kallo ba, gaba yake hange, shi ya sa yake fara karya kan mota a hankali tun kafin ya isa. In ka dasa idanu daidai tsakanin tayoyi, babu saitin gudun da zai hana shi kai-komo, domin ba zai taɓa sanin ya karkata ba sai bayan ya kauce.

Sai dai abin yana da iyaka. Hanci mai tsawo sosai yana sa jiki ya yanke lanƙwasa ta ciki, yana fita daga layi da sauri a kwana mai kaifi, kuma yana ɗagawa sama in mutum-mutumin ya zabura. Ga mai tazarar tayoyi 130, ina farawa daga 70 zuwa 90, wato kusan rabi zuwa kashi biyu cikin uku na tazarar tayoyin. A misalinmu mu mayar da idanun zuwa 80. Ka tabbatar nauyin batir yana tsakanin tayoyi da ƙaramar tayar da ke tallafe da gaba, don hancin ya zauna a ƙasa.

Gudu, da bambancin gudu

Lambar da kake sawa a `tuka`, wadda ke tafiya ga `analogWrite`, daga 0 zuwa 255, ba gudu ba ce. Tana faɗin kason lokacin da wuta ke shiga moto ne kawai. Gudun da zai fito ya danganta da batir, da nauyi, da santsin ƙasa, da halin moton kansa. Don haka auna shi. Sa alama biyu a ƙasa da tazarar mita ɗaya, ba moto biyun lamba ɗaya, ka ƙirga sakan. Sakan 2.5 na nufin milimita 400 a sakan. Sakan 4 na nufin 250, kuma nan nake so ka fara.

A wannan gwajin za ka ga wani abu: ba ya tafiya a miƙe. Moto biyu iri ɗaya ba sa gudu daidai da juna. Bambancin kashi 5 cikin 100 kacal, a kan tazarar tayoyi 130, yana kautar da shi kusan santimita 19 a cikin mita ɗaya. Wannan ne ke sa shi buga gefe ɗaya kullum. Rage wa moton da ya fi sauri lamba kaɗan-kaɗan, uku ko huɗu a kowane gwaji, har kaucewar ta sauko ƙasa da santimita 3 ko 4. Ba za ta kai sifili ba, kuma ba a bukatar hakan, sauran aikin idanu ne.

Sannan nemo lambar da kowane moto ke fara motsi da ita, tayoyi a ƙasa, ba a sama ba. Fara daga ƙasa ka riƙa hawa da biyar-biyar. A ƙasa da wata lamba moton ƙara kawai yake yi ba ya juyawa. Rubuta ta. Wannan yana da muhimmanci domin in ka ce tayar ciki, wato ta gefen da ake juyawa, ta rage gudu zuwa lambar da ke ƙasa da wannan, a zahiri tsayar da ita ka yi, ka koma gidan jiya ba ka sani ba. A nan ne L298N ke ba da matsala: yana cinye kusan bolt 2 kafin wuta ta kai ga moto. Batir huɗu masu bolt 1.5 suna ba da 6, moto ya samu kusan 4, ba shi da ƙarfin tafiya a hankali, sai ka ga ko dai ya tsaya ko ya zabura. Batir biyu na 18650, masu bolt 7.4 a haɗe, tare da ƙaramar lamba, sun fi ba da tafiya mai laushi. Ka tuna dai suna kai wa 8.4 in sun cika, suna sauka yayin aiki, don haka saitin da ka yi da cikakken batir zai ɗan sauya bayan an jima. Yi duk gwaje-gwajenka cajin batir yana a mataki ɗaya.

Yanzu maimakon tsayar da tayar ciki, a rage mata gudu kawai:

```
if (idonHagu == BAKI)      tuka(ciki, waje);
else if (idonDama == BAKI) tuka(waje, ciki);
else                       tuka(waje, waje);
```

Mu ce `waje` ita ce lambar da ke ba da 250 a sakan, `ciki` kuma mai ba da 150. Bambanci 100, a raba da 130, a ninka da 57: digiri 44 a sakan, kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake a da. Ko da moto ya makara da milisakan 50, ƙarin juyin bai wuce digiri 2 da ɗan abu ba. Ajiye shi a kan miƙaƙƙen layi, za ka ga hancin yana ɗan motsi kaɗan, jikin kuwa yana tafiya sumul.

Amma da ya isa lanƙwasa sai ya wuce ta waje. Ba laifin idanu ba ne, lissafi ne. Da'ira mafi ƙanƙanta da zai iya yi tana da rabin faɗi kamar haka:

```
R = (tazarar tayoyi / 2) * (waje + ciki) / (waje - ciki)
```

Da 250 da 150, R = 65 × 400 ÷ 100, wato milimita 260. In lanƙwasar filinka tana da rabin faɗi na 200, ba zai iya ba, komai kyawun idanunsa. Har ma ya fi haka, domin hanci ne ke kan layi, tsakiyar tayoyi tana bin da'irar da ta fi ƙanƙanta a ciki: da hanci mai tsawon 80, tana bin kusan 183. Rage `ciki` zuwa 110, sai R = 65 × 360 ÷ 140, kusan 167. Ya wuce abin da ake bukata da ɗan rara. Saurin juyawa ya hau zuwa kusan digiri 61 a sakan, tangaɗin miƙaƙƙen layi ya ɗan dawo kaɗan, amma har yanzu nesa yake da 175.

Ƙa'idar da nake bi ke nan: lanƙwasa mafi tsanani a filin ce ke yanke bambancin gudu, kuma ba na ƙara ko kaɗan a kan abin da take bukata. Lura kuma cewa a lissafin R, rabon gudun tayoyin ne ke aiki. In ka rage duka biyun da kaso iri ɗaya, da'irar ba ta canzawa, amma saurin juyawa da nisan da yake tafiya kafin ya amsa duk suna raguwa. Shi ya sa rage gudu ke kwantar da tangaɗi ba tare da an rasa lanƙwasa ba. In za ka ƙara gudu daga baya, ƙara kaɗan, ka zagaya fili sau uku, sannan ka sake ƙarawa. Ranar da tangaɗi ya fara girma maimakon ya lafa, koma mataki ɗaya baya, ko ka ƙara wa hanci milimita 10. Abu ɗaya kawai za ka riƙa sauyawa a kowane gwaji, ka rubuta a takarda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Inda idanu biyu masu "fari ko baƙi" suka tsaya

Duk abin da muka yi ya rage tangaɗi ne, bai kashe shi ba, kuma ba zai kashe shi ba, domin ƙarfin gyara ɗaya ne ga ƙaramin kuskure da babba. In filinka yana da miƙaƙƙen wuri da kuma kwana mai kaifi, hanya mafi sauƙi ita ce ƙara idanu biyu a waje, kowanne kusan milimita 15 daga na ciki. Na ciki su yi gyara mai laushi, na waje su tsayar da taya.

Hanyar da ta fi kyau ba ta bukatar sayen komai in allon idonka yana da ƙafar `AO`. Wannan ƙafa tana ba da awon yawan hasken da ya dawo, wanda `analogRead` ke karantawa daga 0 zuwa 1023. A nan tsarin tazarar yana juyewa: bakin salatif, wanda muka guje wa a baya, shi ne wurin da ake so. Matso da idanun zuwa tazarar 19 ko 20, kowanne a kan gefe ɗaya, yana ganin rabi da rabi. Motsi na milimita ɗaya zai ƙara wa ɗaya duhu ya rage wa ɗayan, makafin wuri ya ɓace. Karanta kowane ido a kan fari zalla da baƙi zalla, ka rubuta lambobin huɗu, su ne `fariH`, `bakiH`, `fariD` da `bakiD` a kod ɗin nan, don idanu biyu ba sa ba da awo ɗaya.

```
int h = map(analogRead(A0), fariH, bakiH, 0, 100);
int d = map(analogRead(A1), fariD, bakiD, 0, 100);
int gyara = Kp * (h - d);
tuka(constrain(gudu - gyara, 0, 255),
     constrain(gudu + gyara, 0, 255));
```

Yanzu ƙaramin kuskure yana jawo ƙaramin gyara, babba ya jawo babba. `Kp` lamba ce mai ɗigo, don haka ayyana ta da `float`. Fara da 0.3. In yana wuce lanƙwasa ta waje, ƙara. In ya fara karkarwa a miƙaƙƙen layi, ka wuce, rage kusan kashi ɗaya cikin uku. Tsawon hanci da gudu suna nan da tasirinsu kamar da: ƙarin gudu yana rage kwanciyarsa, ƙarin tsawon hanci yana ƙara ta.

Akwai tarko ɗaya a wannan kod. In yana tsakiya, `h` da `d` duk kusan 50 ne, bambancinsu sifili. In ya ɓace daga layi gaba ɗaya, duka biyun sifili ne, bambancinsu ma sifili, sai ya miƙe da cikakken gudu kamar komai lafiya. Jimillarsu ce ke raba waɗannan biyun: a kan layi tana kusan 100, a waje tana kusa da sifili. Sa sharaɗi cewa in `h + d` ta yi ƙasa da 20, kada ya lissafa sabon gyara. Ya tuna idon da ya ga baƙi a ƙarshe, ya rage gudu, ya juya zuwa wannan gefen har layin ya dawo ƙarƙashinsa.